An yi ta yaba sanarwar shinkafata, amma ba ciniki

Assalamu alaikum. Ni mai gumin shinkafa ce a Argungu, ina sayarwa buhu-buhu. Bana na haɗa kuɗi na sayi injin cire tsakuwa, sai na rubuta sanarwa na sa a Facebook da WhatsApp kamar haka: "Muna matuƙar farin cikin sanar da ɗimbin abokan hulɗarmu cewa mun zo muku da sabon salo wanda zai sauya komai a harkar shinkafa! Inganci na musamman, farashi mai rahusa, ba a taɓa ganin irinta ba. Kada ku bari a ba ku labari!" An yi ta yi mini Allah ya sa albarka, amma buhu biyu kawai na sayar. Ƙanena ya ce rubutun bai faɗi komai ba, kuma maganar ta yi mini ciwo domin na daɗe ina tsara shi. Ina laifin yake, kuma yaya zan gyara?

Wata mai sana'ar shinkafa, daga Argungu

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wa injin albarka, ya mayar da kuɗinsa da riba.

Ki yi wa ƙanenki uzuri, ya yi gajeriyar magana ne a inda ake bukatar bayani. Ga hanyar da za ki gane abin da yake nufi da kanki. Ki ɗauki rubutun, ki cire kalmar shinkafa, ki sa atamfa a gurbinta, ki karanta. Ki sake cirewa ki sa turaren wuta, ko maganin sauro, ko makarantar kuɗi. Za ki ga duk ya zauna daram, babu inda ya yi karo. Rubutun da zai iya tallata hajar kowa bai tallata taki ba. Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne kin kashe kuɗinki a kan injin, amma kalmar tsakuwa ba ta fito a sanarwar ba ko sau ɗaya. Matar da ke zaune a Birnin Kebbi tana rege shinkafa a ƙwarya kafin ta ɗora sanwa, wadda dominta kika sayi injin, ta karanta ta wuce ba ta san da ita ake ba.

Waɗannan jimloli ba ke kika ƙirƙiro su ba. Salo ne na tallan kamfanoni da ya cika waya, kowa na kwafa daga kowa, har ido ya saba yana tsallake su. Kowace ɗaya kuma ta zauna ne a gurbin wani bayani da ke kin sani, mai saye bai sani ba. Don haka ba neman kalma mafi daɗi za ki yi ba. Idan kika cire "zai sauya komai" kika sa "zai kawo gagarumin ci gaba", kina nan inda kike. Aikin shi ne ki tsaya a kan kowace jimla ki yi mata tambaya uku: me ya canza, wa ya canza wa, kuma da nawa ya canza? Amsar da kika samu ita za ki rubuta.

Mu fara da layin farko, domin shi ne mafi tsada. Facebook yana yanke dogon rubutu bayan 'yan layuka ya bar "See more", kuma mafi yawan mutane ba sa dannawa sai in abin da suka gani a sama ya kama su. Sitatus na WhatsApp kuma awa 24 yake yi ya ɓace, mutum yana kallonsa ne yatsa na kan gilashi. Ke kuwa kin ba da wannan wuri ga farin cikinki. Farin cikin gaskiya ne, kin yi wahala kin samu, amma labari ne game da ke, kuma amsarsa ita ce wadda kika samu: addu'a da fatan alheri. Mutane sun amsa miki daidai da abin da kika faɗa musu. Ba mu ce ki jefar da sallama da godiya ga Allah ba, rubutun Bahaushe ba ya daɗin karantawa in babu su. Sallama gajeriya ce, ta isa a sama. Alhamdulillahi kuma ta fi nauyi a ƙarshe, bayan mai karatu ya ga abin da ake godewa a kai.

Babban aikin yana kan "zai sauya komai", kuma ba a kan takarda za ki fara shi ba, a tsakar gida za ki fara da faifai da tire. Ki zaɓi buhu uku daga cikin waɗanda suka bi ta injin, ba na rana ɗaya ba. Daga kowanne ki ɗebi kwano ɗaya, amma kada ki ɗiba daga baki kawai: ki zura hannu ki ɗebo daga sama, daga tsakiya, da kuma daga ƙasa, domin ƙananan tsakuwa da yashi suna gangarawa gindin buhu idan an yi ta jijjiga shi a mota ko a amalanke. Ki baza a tire cikin hasken rana, ki sa wadda ta iya tsinta ta tsince, a tara tsakuwar a murfin kwalba a ƙirga. Idan akwai ragowar shinkafar da ba ta bi ta injin ba, ki yi mata haka ita ma, kuma a duba agogo a ga minti nawa tsintar kowane kwano ta ci. Yanzu kina da lambobi biyu a hannu, na da da na yanzu, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce abin da injin ya sauya.

Mu ƙaddara kin samu tsakuwa 40 a kwano uku na tsohuwar, kin samu 2 a kwano uku na sabuwar. Jimlar da za ta maye gurbin waccan ita ce: "Mun tsince kwano uku daga buhu uku, tsakuwa biyu muka samu. Kafin injin, arba'in muke samu." Wannan ba ta da ado ko kaɗan, amma mai abincin sayarwa a bakin tasha, wadda take biyan yarinya kuɗin tsinta kullum, za ta tsaya a kanta ta yi lissafi.

A nan ne ake yawan zamewa, don haka bari mu ɗan tsaya. Zuciya za ta ce miki ki rubuta "babu tsakuwa ko ɗaya", tun da biyu kamar babu ne. Kada ki yi. Irin wannan injin yana aiki ne da bambancin nauyi: rariya ce a karkace tana karkarwa, iska na hurowa ta ƙarƙashinta, shinkafa ta ɗan taso ta gangara gefe guda, tsakuwa mai nauyi ta manne da rariyar ta haura ɗaya gefen. Idan aka zuba masa shinkafa da yawa a lokaci guda, ko iskar ba ta saitu ba, ko ramukan rariyar sun toshe da ƙura, wasu tsakuwar za su bi shinkafa su wuce. Busasshen ɓarɓashin laka, wanda nauyinsa ya yi kusa da na ƙwayar shinkafa, shi ma yakan sulale. Baƙar ƙwaya kuwa ba aikinsa ba ne sam, wani injin ne daban mai tantance launi yake fitar da ita. To ranar da maigidan wata ya tauna tsakuwa ɗaya bayan kin rantse babu, kin rasa gidan, da gidan maƙwabciyarta da za ta ba labari. Wadda kika gaya wa biyu a kwano uku kuwa, in ta ci karo da ɗaya, za ta ce ai dama ta faɗa. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Lambar gaskiya a sanarwa, sa jiƙaƙƙen a sama ce.

"Inganci na musamman" ita ma tambaya take ɓoyewa, domin inganci a shinkafa ba abu ɗaya ba ne. Mai dafa-duka tana son wadda za ta yi warawara. Mai tuwo da mai waina abin da suke nema daban ne. Mai sari yana duban karaya da bushewa, domin shi zai ajiye. Ki faɗi irin da kike gumawa da sunansa, Jamila ce ko Faro 44, ki faɗi ta rani ce ko ta damina, kuma daga wace fadama kike sayen shanshera, idan wuri ɗaya kike saye. Karaya kuma ana auna ta cikin sauƙi: ki auna giram 100 a ƙaramin sikeli, ki ware karyayyun ƙwayoyi gefe, ki auna su su kaɗai. Idan sun yi giram 12, to kashi 12 cikin ɗari ke nan. Ki maimaita sau uku daga buhuna daban, ki faɗi mafi muni a cikinsu, ko ki ce "tsakanin kaza da kaza". Bushewa kuwa, ma'aunin da aka saba a harkar ajiya shi ne kada danshi ya wuce kashi 14 cikin ɗari. Idan ba ki da na'urar auna danshi, kada ki rubuta wannan lamba don kawai kin ji ana faɗa. Ki faɗi abin da kika yi da hannunki: kwana nawa ta yi a shanya, kuma a kan tamfol ko siminti aka shanya ta, ba a ƙasa ba. Wannan ma bayani ne mai amfani, domin duk wadda ta san shinkafa ta san a wurin shanya da sussuka ne tsakuwa ke shiga.

Ba duka za ki zuba a sanarwa ɗaya ba. Wasu in sun gane amfanin bayani sai su cika rubutu da lambobi har ya zama takardar awo, mai karatu ya rasa wanne zai riƙe. Sabon abu a wurinki shi ne tsakuwa, ita za ta hau gaba. Ki ƙara mata biyu ko uku da mai saye ba zai iya yanke shawara ba sai da su, sauran ki ajiye wa sanarwar mako mai zuwa.

"Farashi mai rahusa" gyaranta gajere ne: ki rubuta farashin. Mun san dalilin da ya sa ake ɓoyewa, kasuwar shinkafa tana hawa tana sauka, kuma ana tsoron abokan sana'a su gani su karya. Amma su abokan sana'ar sun riga sun san farashinki, yaro ɗaya za su aika ya tambayo. Wanda ɓoyewar take korewa shi ne mai kunyar tambaya, wanda yake tsoron ya tambaya ya kasa saye. Maganin hawa da sauka shi ne ki ɗaura wa farashin rana: "wannan farashin har zuwa Juma'a kaza ga wata." Ki rubuta ranar da kwanan watan, kada ki ce "gobe" ko "wannan makon", domin saƙon WhatsApp yana yawo daga zaure zuwa zaure, wani sai bayan kwana goma zai gan shi ya zo yana riƙe da tsohon farashi. Ki faɗi nauyin buhu da kilo, tun da kwano ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, sannan ki ƙara da kimanin kwano nawa ne ga wadda da kwano take lissafi.

Sai "ba a taɓa ganin irinta ba". Wannan ki goge ta gaba ɗaya, ba ta da magaji. A Kebbi kike magana, jihar da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki a 2015, inda kamfanin Labana yake casa a Birnin Kebbi, WACOT kuma yake a nan Argungu kusa da ke. Mutanenki sun ga gyararriyar shinkafa, sun ci. Idan kika ce musu ba a taɓa gani ba, sun san ba haka ba ne, kuma shakkar za ta shafi sauran maganarki ta gaskiya. Abin da kike da shi wanda babban kamfani ba ya bayarwa shi ne kusanci. Ana iya zuwa ƙofar gidanki a buɗe buhu a duba kafin a biya, ana iya sayen kwano ɗaya a gwada, kuma in an sami matsala an san fuskar da za a koma wa. Waɗannan su suka cancanci wurin da waccan jimla ta tare.

"Kada ku bari a ba ku labari" umarni ne da bai faɗi abin da za a yi ba. A kira ne, ko a turo saƙo, ko a zo? Ƙarfe nawa? Kina kaiwa gida ko sai an zo an ɗauka? Wanda yake Jega ko Sakkwato fa, ana sa masa a mota, kuma wa zai biya kuɗin motar? Buhu nawa ne a ƙasa? Idan 30 ne ki ce 30. Ƙarancin kaya na gaskiya ya fi kowace kalma sa mutum ya yi sauri, amma kada ki ce saura biyar alhali ɗaki cike yake, unguwa ɗaya kuke, za a gani.

Ga yadda sanarwar za ta iya komawa. Lambobin da ke ciki duk na misali ne, ki cire su ki sa waɗanda kika auna da farashinki na ranar:

"Assalamu alaikum. Shinkafarmu yanzu tana bi ta injin cire tsakuwa kafin a ɗinke buhu. Mun tsince kwano uku daga buhu uku, tsakuwa biyu muka samu. Kafin injin, arba'in muke samu. Jamila ce ta noman rani, gumin gida, an shanya ta a kan tamfol. Buhu mai kilo 25, kimanin kwano 10, naira 30,000 har zuwa Juma'a 14 ga wata. Akwai buhu 30 a ƙasa. Mai son gwaji zai iya sayen kwano ɗaya, kuma ana buɗe buhu a duba kafin a biya. A cikin garin Argungu muna kaiwa gida. Birnin Kebbi muna sawa a mota, kuɗin mota na mai saye ne. A kira ko a turo saƙo a wannan lamba daga 8 na safe zuwa la'asar. Alhamdulillahi, mun gode wa waɗanda suka yi haƙuri da tsinta a shekarun baya."

Ki lura da jimlar ƙarshe. Farin cikin da kika so nunawa yana nan, har ya fi fitowa, domin ya amsa cewa a da akwai wahala kuma kin san da ita. Ki lura kuma babu alamar motsin rai ko ɗaya. Tsakuwa biyu a gurbin arba'in ba ta bukatar a ɗaga mata murya.

Hoton da za ki haɗa da ita ya bi wannan hanya. Maimakon hoton tarin buhuna da aka ciro daga waya, wanda kowa ya san ba naki ba ne, ki ɗauki tire biyu gefe da gefe a hasken safe, kowanne da murfin kwalbar tsakuwarsa a gabansa. In bidiyo ne, ki nuna bakin injin inda tsakuwa ke zubowa, daƙiƙa goma sha biyar sun isa. Gani ya kori ji. Kuma tun da da yawa cikin masu sayenki sun fi sauraren murya a kan karatu, ki karanta sanarwar a saƙon murya kamar yadda take. Karantawa da baki gwaji ne mai kyau: duk jimlar da ba za ki iya faɗa wa maƙwabciyarki ido da ido ba tare da kin ji nauyin bakinki ba, ba ta da wuri a rubutun. Ba za ki tari Inna a ƙofar gida ki ce mata kin zo da sabon salo ba. Za ki ce mata, "Inna, wannan wankewa kawai za ki yi ki zuba." In kin tabbata haka ne bayan gwajinki, wannan ma jimla ce da za ta iya shiga.

Kada ki auna nasarar sabon rubutun da yawan masu danna alamar so ko masu addu'a, mai yiwuwa ma su ragu, domin rubutun bai roƙi yabo ba. Ki duba irin tambayoyin da ke shigowa. Idan har yanzu ana tambayar "nawa ne?" ko "a ina kuke?", to bayanin ya nutse a ƙasa, ki ɗago shi sama. Idan tambayoyin sun koma "za a samu rabin buhu?" ko "motar Jega ƙarfe nawa take tashi?", rubutun ya yi aikinsa, mutum ya riga ya wuce ko zai saya, yana kan yadda zai karɓa. Idan kuma an yi shiru gaba ɗaya bayan kin sa farashi, wannan ma amsa ce, kuma ba ta rubutu ba ce: ki zagaya kasuwa ki ji nawa ake sayar da irin taki, ki duba ko kuɗin injin da kika ɗora a kan buhu ya yi wa mutane yawa a lokaci guda.

Waɗancan mutum biyu da suka sayi buhu, ki kira su kafin ki rubuta komai. Ki tambaye su ko sun tsince kafin su dafa, me suka samu, kuma ruwa nawa ta sha. Idan ɗayansu ya faɗi abin da ya dace a sa a sanarwa, ki nemi izininsa, ki rubuta maganar yadda ya faɗe ta ba tare da kin yi mata kwalliya ba, kuma kada ki sa sunan matar aure ko hotonta sai ta yarda. Gwajin tsintar kuma ki riƙa maimaita shi duk lokacin da kika canza wurin sayen shanshera ko aka taɓa saitin injin, domin lambar da kika samu a watan jiya ba lallai ta zama ta wannan watan ba. In ta canza, ki canza ta a sanarwar. Ƙanen naki ma ki ba shi aikin ƙirgar tsakuwar da riƙe agogo, tun da yana da ido.